Awaisu da Shafin Shagon Iri

Awaisu mutumin Maska ne, ɗan manomi jikan manomi, amma tun yana ƙarami aka gane fartanya ba ta karɓe shi ba. In an jera a gona, sai kowa ya kai ƙarshen kunyarsa a dawo a taya shi tasa. Mahaifinsa bai tsananta ba, ya ce a bar shi da boko ko Allah zai sa abincinsa na can. Ya yi karatun malanta ya gama, ya zauna jiran aiki, aiki bai zo ba. Da zaman ya ishe shi sai ya kafa rumfa kusa da tasha a Malumfashi, yana cajin waya yana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi.

A wannan rumfa ya yi karatun da ya fi amfanarsa, ko da yake shi bai ɗauke shi karatu ba. Nan ya ga yadda mutumin ƙauye yake riƙon waya. Ba ya karanta dogon rubutu. In abu ya burge shi ba ya danna komai don ya nuna ya burge shi, sai dai ya sake kallo, ya kira na kusa da shi ya nuna masa, gobe kuma ya tura wa surukinsa. Awaisu ya yi shekaru yana kallon wannan, har ya yi aure, matarsa Rabi'atu ta haifi 'ya mace. Daga baya wata makarantar kuɗi a Funtuwa ta ɗauke shi koyarwa, ya rufe rumfa ya koma can da iyalinsa.

Yana cikin koyarwar ne Alhaji Ummaru ya neme shi. Alhaji Ummaru yana da babban shagon iri da taki da maganin feshi a Funtuwa, mutum ne mai saurin magana da saurin yanke hukunci, kuma bai taɓa yin asarar da ya yarda laifinsa ne ba. Ya ji abokan sana'arsa suna cewa yanzu kasuwa ta koma cikin waya, shi kuwa ba ya son a ce an riga shi. Aka ce masa akwai wani malami da ya iya abin. Ya kira Awaisu bayan an yi girbi, ya ce ya bar alli ya zo ya buɗe wa shago shafi. Rabi'atu ta ce kada ya saki aikin da yake hannu. Awaisu ya saki.

Sharaɗi ɗaya Alhaji ya kafa: lambar wayar da za a sa a shafin tasa ce, ba ta kowa ba. "Shagona ne," in ji shi. "Wanda zai yi ciniki da ni zai yi." Awaisu ya sa lambar Alhaji.

Aikin kuwa ya yi shi tsakani da Allah. Ya buɗe shafi a Fesbuk, ya buɗe a Tiktok. Bai cika shi da hoton buhuna da farashi ba, don ya san ba mai tsayawa kallon buhu. Sai ya riƙa hawa babur yana bin gonakin masu noman rani, yana ɗaukar gajerun bidiyo da Hausa tsantsa: yadda ake gane tsutsar tumatir tun tana cikin ganye, dalilin da ya sa ba a feshi da tsakar rana, yadda ake gwada iri a jiƙaƙƙen buhu a ga ko zai tsira kafin a kai shi gona, wane irin masara ne ke jure ƙuduji, ciyawar nan da wasu ke kira wuta-wuta. Abin da bai sani ba yakan tambayi malamin gona kafin ya faɗa. A ƙarshen kowane bidiyo ya ambaci sunan shago, ya ce mai tambaya ya danna ya aiko saƙo.

Matsalar ita ce Alhaji Ummaru da mota mai lasifika ya saba. Ran kasuwa a ɗaura mata ƙaho, ta zaga gari ana shela, kafin la'asar shago ya cika. Talla ke nan a wurinsa, abin da ake yi da hantsi a ga amfaninsa kafin a rufe ƙofa. Wata na farko bai ce komai ba. Na biyu ya fara kiran Awaisu "Malam mai hoto". Da aka shiga na huɗu ya daina tsokanar ma, kuma duk wanda ya san Alhaji ya san shirunsa ya fi faɗansa muni.

Ana haka sai ɗan ƙanin Alhaji, Abdulmutallib, ya shigo maganar. Shi ma ɗan kasuwa ne, yana sayar da kayan waya, bakinsa da zaƙi. Ya nuna wa Alhaji shafin wani shago a wani gari mai mabiya dubbai, ya ɗora na Awaisu kusa da shi mai 'yan ɗaruruwa.

"Baba, wannan ai abin kunya ne," ya ce. "Ka ba ni shafin nan. Akwai wanda na sani, cikin sati guda zai zuba mana mabiya dubu goma. Mu haɗa da rabon data, ka ga yadda za a yi ca."

Alhaji ya ji lamba mai kauri, hankalinsa ya kwanta da ita. Ranar wata Laraba bayan azahar, zafin bazara ya fara kankama, ya aika a kira Awaisu ofishinsa da ke bayan shago. Abdulmutallib na zaune a waje kan buhunan taki yana jira a kira shi.

Awaisu ya shiga ya gaisar, ya zauna a bakin benci. Tsoro yake ji, ba ƙarami ba. Makarantar da ya bari ta riga ta ɗauki wani, kuma bai san da wane baki zai gaya wa Rabi'atu ba.

"Malam Awaisu," in ji Alhaji, "ni ba na son ɓoye-ɓoye. Ƙarshen watan nan za ka miƙa wa Abdulmutallib shafin nan, mu rabu lafiya. Sai fa in kana da abin da za ka nuna mini. Tun kaka kake yawo da babur. Wa ya shigo shagon nan ya ce waya ce ta turo shi?"

"Ranka ya daɗe, abin nan kamar shuka yake..."

"Kai, dakata." Alhaji ya ɗaga hannu. "Ni za ka yi wa zancen shuka? Iri nake sayarwa tun kafin a yaye ka. Masara in ka shuka ta, sati guda ka ga tsiro. Ban ce ka kawo mini zangarniya ba. Nuna mini tsiro."

Awaisu ya ji kunya, don gaskiya Alhaji ya faɗa. Ya ajiye jawabin da ya kwana biyu yana haɗawa, ya fito da wayarsa ya matso.

Ya fara da abin da ya sa ake daɗewa. Ya ce sabon shafi ba kowa ake nuna wa abin da ya sa ba. Mutane kaɗan ake fara nuna wa. In suka tsaya suka kalla, suka tura wa wasu, sai a ƙara faɗaɗawa, in suka wuce sai a rage. Don haka sai an yi ta sa abu a kai a kai kafin manhajar ta gane su wa ke son irin wannan. Sannan manomi ba ya sayen iri daga bakin da ya ji sau ɗaya, domin in aka cuce shi shekara guda aka cuce shi. Sai ya ji ka sau da yawa, ya gwada wata shawararka ya ga ta yi. Na uku kuma, an buɗe shafin ne bayan girbi. Banda masu noman rani, wa ke sayen irin masara da rani? Sai an ga hadari.

"To na ji," in ji Alhaji. "Tsiron fa?"

Awaisu ya buɗe wurin da shafin ke nuna wa mai shi alƙaluma. Ya ce kada Alhaji ya dubi yawan mabiya, kada ya dubi masu danna alamar so, don mutanensu ba su damu da dannawa ba. Ya nuna masa garuruwan da mabiyan suke: Funtuwa, Malumfashi, Ɗandume, Bakori. Ya ce waɗannan su ne za su iya hawa mota su zo. Ya nuna masa bidiyon gwajin iri, yadda a farko mutane kan wuce tun kafin ya kai ga magana, yanzu kuwa da yawa sai sun kusa ƙarshe. Ya nuna masa yawan waɗanda suka tura wa wasu da waɗanda suka adana don su dawo, wata bayan wata yana hawa, ba da gudu ba amma bai sauka ba. Ya ce wanda aka sauke aka yi ta turawa a Watsaf ma ba ya fitowa a nan sam. Ya buɗe sharhi: a da "Allah ya taimaka" ake rubutawa, yanzu ana tambayar nawa ne, ina shagon yake, ko maganin zai yi wa barkono.

"Mai tambayar farashi ya fi mini mai tafi ɗari, ranka ya daɗe."

"Dubu goman da Abdulmutallib zai kawo fa?"

"Sayo su za a yi. Yawancinsu ba mutane ba ne, sunaye ne kawai, ko kuma mutanen wata ƙasa da ba su jin Hausa. Ba za su kalla ba. Manhaja ta nuna musu ta ga ba su tsaya ba, sai ta ɗauka abin namu ne ba kyau, ta rage nuna wa har mutanen Malumfashin. Masu zuwa don data kuwa, ran da data ta ƙare sun tafi."

Alhaji ya jingina da kujera. Maganar ta shige shi, amma ba mutum ne da ake kayarwa da zane-zanen cikin waya ba.

"Duk wannan kai ka iya karanta shi, ni ban iya ba. In ka ce mini ya hau, ya hau ke nan. Abu ɗaya na sani: lambata ce a kai. Ba wanda ya kira ni."

Nan ne wurin da Awaisu ya fi jin tsoro, don shi kansa abin ya daɗe yana damunsa. Alƙaluman suna nuna mutane na danna wurin aika saƙo, kuma kullum ƙaruwa suke. Amma duk lokacin da ya tambaya a kaikaice, Alhaji kan ce ba kowa. Awaisu ya san mutum kan danna ya fasa, sai ya bar abin a haka. Ban da haka, wane ne shi da zai ce wa Alhaji Ummaru ya kawo wayarsa a duba? Yau dai ba abin da ya rage masa da zai yi asara.

"Alhaji, ba kira za su yi ba. Saƙon Watsaf ne. Ko za ka yarda mu duba tare?"

Alhaji ya yi tsaki, ya zaro wayar daga aljihun gaba, ya buɗe ya tura masa kan tebur. "Duba. Masu roƙo ne cike da ita."

Awaisu ya ja ƙasa. Lambobi ne marasa suna jere, kusan duka saƙon murya. Wasu an buɗe, da yawa ba a taɓa ba. Ya danna ɗaya. Muryar wani dattijo ta fito a hankali: sallama, Alhaji barka da war haka, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da sanyi...

"Ka ji ko?" Alhaji ya miƙo hannu zai karɓa. "Na san ƙarshenta. Ko mata ba lafiya, ko suna ya matso. Kullum sai na samu irin wannan. In na tsaya saurare ba zan yi ciniki ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Mai shago kamar nasa a Funtuwa, baƙuwar lamba da doguwar gaisuwa sau da yawa buƙata ce ke biye. Shekara da shekaru sun koya wa yatsansa ya katse tun ana "ya iyali". Shi kuwa manomi ba zai faɗa wa babban mutum da tambayar farashi ba gaisuwa ba, ai rashin tarbiyya ne. In zai yi magana da Alhaji sai ya gaishe shi har ƙasa, ko da a waya ne.

"A bari ya ƙarasa, ranka ya daɗe," in ji Awaisu.

Dattijon ya gama gaisuwarsa tsaf. Sannan ya ce sunansa Zubair, daga Mahuta. Ɗansa ne ya nuna masa hoton nan mai motsi na tsutsar tumatir, kuma abin da aka nuna shi ne ya fara gani a fadamarsa. Su da yawa ne a wurin. Yana son a gaya masa wane magani ne, nawa ne, in ya so su haɗa su aiko mutum ɗaya ya ɗauko musu.

Saƙon tun tsakiyar sanyi aka aiko shi. A ƙarƙashinsa akwai wasu biyu daga lambar, ba a buɗe ko ɗaya ba.

Awaisu ya danna wata lambar. Gaisuwa, sannan wani daga Malumfashi yana tambaya ko irin masarar nan mai jure ƙuduji zai iso kafin ruwan farko, a ajiye masa. Ta gaba mace ce, shugabar wata ƙungiyar mata masu noman waken suya, tana tambayar ko ana rage wa ƙungiya. Ta gaba kuwa roƙo ne na gaske, wani yana neman kuɗin asibiti. Alhaji ya ɗago ya dubi Awaisu kamar zai ce ka gani, amma bai faɗa ba. Ta bayanta tambayar taki ce.

Aka kira la'asar suka fita suka yi salla. Abdulmutallib ya taso ya tare su a ƙofa, Alhaji ya ce masa ya ƙara jira. Da suka dawo Alhaji ya karɓi wayar da kansa, ya nemo lambar dattijon Mahuta, ya kira, ya sa muryar a bayyane.

Aka gaisa. Alhaji ya faɗi sunansa da sunan shago.

"Allah sarki, Alhaji, ashe kai ne da kanka. Ai mun gode."

"Malam Zubair, saƙonka ne sai yau na ji. Ya tumatirin?"

"To, Alhaji, wagga shekara dai sai godiya. Mun jira, mun jira. Daga baya wani ya kawo muna wani magani a kasuwa, muka fesa, ashe ba shi ba ne. Kafin mu gane tsutsar ta cinye. Abin da muka tsinta bai taka kara ya karya ba."

"Me ya sa ba ka kira ni ba? Ai da ka buga."

"Haba Alhaji. Na aiko har sau uku. Da na ji shiru sai na ce wa yara su bari, ƙila manya ba su amsa wa irinmu. In buga kuma in dame ka? Ba komai wallahi. Yaron naku mai bayani dai a gaishe shi, muna kallo. Har gwajin irin nan na yi."

Aka yi sallama. Alhaji ya ajiye wayar, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Da dattijon zaginsa ya yi da ya san abin da zai mayar, amma godiya aka yi masa, kuma ita ta fi yi masa ciwo. Awaisu bai ji daɗin cin nasara ba. Shi ne ya ce mai tambaya ya aiko saƙo, da bakinsa, a kowane bidiyo, kuma ya ga ana dannawa ya yi shiru don kunyar maigida.

"Malam Awaisu," in ji Alhaji can, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In na bar ka zuwa damina, za ka ce mini shagon nan zai cika?"

"Ba zan ce ba, ranka ya daɗe. Abin da zan iya cewa, waɗannan mutane ne na gaske, kuma kusa suke. Wasu za su saya, wasu tambaya kawai suke. In an amsa musu da wuri za mu san ko su nawa ne. Kuma a riƙa tambayar duk wanda ya shigo shago a ina ya ji mu. In damina ta sauka ba mu ga komai ba, ni da kaina zan gaya maka."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ɗaga murya ya ce wa Abdulmutallib ya tafi abinsa, za su yi magana a gida. Ya ce gobe a sayo layi na shago, a sa shi a shafin, ya zauna a hannun Awaisu, kuma kada saƙo ya kwana ba a amsa ba. Haƙuri dai bai bayar ba, ba halinsa ba ne, Awaisu ma bai sa rai ba.

Awaisu ya miƙe zai fita.

"Ina za ka? Zauna." Alhaji ya mayar da hularsa, ya turo masa wayar. "Saura da yawa?"

Awaisu ya ja ƙasa, ya ja, bai kai ƙarshe ba. "Da yawa, Alhaji."

"Fara da waɗanda suka fi daɗewa. Ni zan kira su, ba kai ba."